Bidiyon biki mai minti 3 ya fito MB 270: ya zan saita shi don WhatsApp?

"Assalamu alaikum Malam. Ina ɗaukar bidiyon biki da waya, in haɗa a CapCut. Na haɗa wa wasu mutanena bidiyon dina na minti 3, na fitar a 1080p da firem 60, ya fito MB 270. Da na tura a WhatsApp yadda aka saba sai ya dushe, leshin amarya ya zama kamar an shafa masa man shanu. Da na tura a `Document` kuma data ta ƙare bai gama hawa ba, 'yan gurup ma suka ce ba su da datar sauke shi. Wane saiti zan yi amfani da shi?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka taɓa kowane saiti a CapCut, fara yanke shawarar ta wace ƙofa bidiyon zai shiga WhatsApp, domin ƙofofin biyu ne kuma abin da ya dace da ɗaya shi ne yake ɓata ɗayar.

Idan ka zaɓo bidiyo daga `Gallery`, WhatsApp ba ya tura fayil ɗin da ka ba shi. Yana sake matse shi a cikin wayarka tukuna, ya rage girman hoton zuwa wajen 480p, ko zuwa 720p idan ka danna `HD`, sannan ya ɗora wannan sabon da ya ƙera. A cikin wayar ake aikin saboda saƙon a kulle yake tun daga hannunka har hannun mai karɓa, babu wata na'ura a tsakani da za ta iya buɗe shi ta gyara. Wannan ne abin da yake faruwa a lokacin da ka ga da'irar tana juyawa amma data ba ta fara tafiya ba. Ma'anar haka, ta wannan ƙofar MB 270 ɗinka ba su ne suke cin data ba. Abin da yake ci shi ne ƙaramin fayil ɗin da WhatsApp ya fitar, kuma kai ba ka da iko sosai a kan yadda zai matse shi.

Ta `Document` kuwa babu mai taɓa komai. Abin da ka fitar shi ne zai hau, shi ne zai sauka, har zuwa GB 2. A nan iko duk naka ne, kuɗin ma duk naka ne da na masu saukewa. Ita ce ƙofar da ta fi dacewa da aikin da ake biyan ka kuɗi a kansa, amma da sharaɗin kai ka yi matsin da hannunka kafin ka tura. A kanta zan fi tsayawa.

## Fara da MB, ka dawo baya

Abu biyu ne kaɗai suke yanke nauyin fayil: tsawon bidiyon, da kuma bitret. Bitret shi ne yawan bayanin da aka ware wa kowace daƙiƙa ɗaya ta bidiyo. A manhajoji za ka gan shi da sunan `Bitrate` ko `Code rate`, ana auna shi da kbps ko Mbps, kuma Mbps 1 daidai yake da kbps 1000. Girman hoto da yawan firem, wato adadin hotunan da suke wucewa a kowace daƙiƙa, ba su cikin lissafin nauyi ko kaɗan. Bidiyon 480p da na 1080p, in dai bitret ɗinsu ɗaya ne tsawonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya ne. Abin da yake ruɗar mutane shi ne duk sanda ka ɗaga `Resolution` ko `Frame rate` a manhajar waya, ita ma tana ɗaga bitret a ɓoye, sai ka ga nauyi ya ƙaru ka ɗauka 1080p ɗin ce ta jawo.

Ga lissafin:

```
MB = kbps × daƙiƙa ÷ 8000
kbps = MB × 8000 ÷ daƙiƙa
```

Mu gwada da naka. Minti 3 daƙiƙa 180 ne. MB 270 sau 8000, a raba da 180, ya ba da kbps 12000. Wato an ba kowace daƙiƙa megabit 12. Idan layinka yana ɗorawa da gudun Mbps 1, wanda ba abin mamaki ba ne a unguwa mai cunkoso bayan isha'i, kowace daƙiƙa ɗaya ta bidiyon tana buƙatar daƙiƙa 12 kafin ta hau. Gaba ɗaya minti 36 ke nan, in layin bai yanke ba. Ka kuma tuna gudun ɗorawa ya saba zama ƙasa da na saukewa, don haka kada yadda waya take buɗe bidiyon wasu cikin sauri ya yaudare ka.

Yanzu sai a juya lissafin. Tambayi kanka MB nawa gwaggon amarya da ta sayi datar kwana ɗaya za ta yarda ta kashe a kan bidiyon nan. A ganina, ga bidiyon minti 3, MB 30 ita ce iyakar da mutum zai danna ba tare da ya tsaya tunani ba, wato MB 10 a kowane minti. MB 30 sau 8000 a raba da 180 ya ba da kbps 1333. Wannan kason na hoto da sauti ne a haɗe. Ka cire wa sauti 96, saura 1237, sai ka mai da shi 1200 don a bar ɗan sarari. Idan ka haɗa 1200 da 96 ka sake lissafi, fayil ɗin zai fito kusan MB 29. A layin nan mai Mbps 1 zai hau cikin minti 4.

Kai sau ɗaya kake ɗorawa ko da gurup ɗin na mutum 200 ne, amma kowannensu da tasa datar zai sauke. MB 270 sau 200 GB 54 ne daga aljihun dangi da abokan arziki. MB 29 sau 200 bai kai GB 6 ba.

## Girman hoton da kbps 1200 za su iya riƙewa

Da ka samu bitret, sai a zo kan tambayar girman hoto. Hoton bidiyo ƙananan ɗigogi ne a jere, kuma bitret ɗin da ka ware shi za a raba musu. Hoton 480p, wato 854 a 480, yana da ɗigo kusan dubu 410. Na 720p yana da kusan dubu 922. Na 1080p ya haura miliyan 2. Ka ga daga 480 zuwa 1080 ninki biyar ne, ba ninki biyu da ɗoriya ba kamar yadda lambobin suke nunawa a ido. Miyar da aka yi don tuwon mutum biyu ce ake so a zuba wa na mutum goma. Idan ka bar 1080p ka sauke bitret zuwa 1200, kowane ɗigo zai samu ɗan abin da bai isa ba, sai na'urar matsi ta fara haɗe ɗigogi maƙwabta ta shafe su da launi ɗaya. Daga nan ake samun 'yan murabba'ai a bango da fuskar da ta zama kamar ta roba. Hoton 540p da ya ƙoshi ya fi na 1080p mai yunwa kyau a ido, kuma a allon wayar da bai wuce tafin hannu ba bambancin girman ma da ƙyar ake lura da shi.

To amma ba kowane bidiyo ne yake cin bitret iri ɗaya ba, kuma a nan ne bidiyon dina ya zama mafi wuya. Na'urar matsi ba ta ajiye kowane firem cikakke. Tana ajiye cikakke guda ɗaya lokaci zuwa lokaci, sauran kuma ta rubuta abin da ya canza kaɗai daga na baya. Malami da yake zaune yana karatu, kyamara a kan ƙafarta, bango bai motsa ba, leɓe da hannu ne kawai suke canzawa. Irin wannan kbps 1200 sun ishe shi a 720p har da ragi. A wajen dina kuwa komai canzawa yake a lokaci guda. Ana rawa, mai ɗauka yana tafiya da wayar a hannu, fitilu masu launi suna juyawa suna sauya hasken ɗakin gaba ɗaya, kuɗin liƙi suna shawagi, an saki hayaƙi a ƙasa. Ga leshi mai duwatsu, wanda kowane dutse yake ƙyalli ya mutu da ɗan motsin jiki. A wajen na'ura duk wannan sabon bayani ne da babu shi a firem ɗin baya, dole ta biya kuɗinsa. In kason ya ƙare, ƙananan zane ne suke fara tafiya, shi ya sa leshin ya riga komai narkewa alhali farin bango yana nan lafiya.

Akwai kuma ɓarawon da ba a gani, shi ne yashin da kyamarar waya take zubawa a hoto idan haske ya yi ƙaranci. Ka tsayar da bidiyonka na asali a wani wuri mai duhu ka zuƙo shi, za ka ga ɗigogi suna rawa kamar tururuwa. Na'urar matsi ba ta san shara ba ce, tana ƙoƙarin adana ta kamar yadda take adana idon amarya. Rage girman hoto yana taimakawa a nan, domin idan aka haɗe ɗigo huɗu suka zama ɗaya, kamar daga 1080p zuwa 540p, yashin yana lafawa da kansa.

Saboda haka ga naka, a kbps 1200, ka fitar a 540p, wato 960 a 540. In manhajar ba ta da shi, ka ɗauki 480p. Idan masu bikin sun dage sai 720p, to bitret ya tashi zuwa wajen 2000 ko 2500, nauyin kuma zai koma tsakanin MB 47 da 58. Ciniki ne, sai ka faɗa musu farashin su zaɓa. Hanya ta uku, wadda masu haɗa bidiyo ba su cika son ji ba, ita ce rage tsawo. Ka yanke minti 3 ya koma minti ɗaya da rabi, MB 30 ɗin nan za su ba ka kbps 2666, wanda ya isa 720p mai rawa. Yawancin bidiyon dina suna da shigowar motoci da jeren kujeru da babu wanda zai yi kewarsu.

Wani kuskure da yake cinye girman hoto ba tare da an sani ba shi ne sa bidiyon da aka ɗauka a kwance cikin allo na tsaye. Ka zaɓi 9:16 a 720p, allon zai zama 720 a 1280, amma ainihin hotonka da yake tsakiya 720 ne a 405, bai ma kai 480p ba. Idan kuma ka cike sama da ƙasa da dusasshen kwafin bidiyon, kamar yadda ake yayi, ka ƙara wa na'ura abin motsi da za ta kashe wa bitret. Abin da aka ɗauka a kwance a fitar da shi a 16:9, mai kallo ya juya wayarsa.

## Firem

Firem 60 da ka zaɓa shi ne abu na farko da za ka sauke. Yawancin wayoyi da firem 30 suke ɗauka sai in an canza da gangan. Duba bayanan ɗaya daga cikin bidiyoyin da ka ɗauko. In 30 ne, fitarwa a 60 ba ta ƙara santsi ko kaɗan ba, maimaita kowane firem sau biyu kawai aka yi, manhajar kuma ta ɗaga bitret saboda ta ga 60.

In ma da gaske a 60 ka ɗauka, ka fitar a 30. Rabi ne cif, ana ɗaukar ɗaya a bar ɗaya, motsi ba ya tangarɗa, kuma kowane firem da ya rage zai samu kaso mafi tsoka daga 1200 ɗin. Amfanin ɗauka a 60 shi ne in kana son jan wani wuri a hankali, kamar shigowar amarya: ka rage gudun zuwa rabi, ya zauna daidai a kan 30 ba tare da kakkarya ba.

Abin da zan hana ka shi ne sauke 30 zuwa 25 ko 24 don neman sauƙin data. Daga 30 zuwa 25 sai an jefar da firem ɗaya a cikin kowane shida, kuma ido yana kama wannan a duk inda kyamara take zagayawa daga gefe zuwa gefe: hoton zai riƙa ɗan tsalle kamar mai ɗingishi. In bitret a tsaye yake, nauyin ma bai ragu da komai ba. Ƙa'idar ita ce a fitar da adadin da aka ɗauka, ko rabinsa daidai.

Wurin da 25 take da amfani shi ne lokacin ɗauka. Wutar lantarki a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma, musamman ƙwan LED masu araha, suna ƙyaftawa sau 100 a daƙiƙa tare da ita. Ido ba ya gani, amma kyamarar da saurin rufe idonta bai dace da wannan ba tana kamawa, sai ka ga baƙaƙen layuka suna gangarawa a hoton ko haske yana bugawa kamar zuciya. Bayan munin da yake yi, wannan bugun yana cin bitret sosai tunda hasken kowane firem ya bambanta da na gabansa. Maganinsa ɗauka a firem 25 ko 50, ko kuma a shiga saitin hannu na kyamara a sa saurin rufewa a 1/50 ko 1/100. A iPhone sai an kunna `Show PAL Formats` a saitin kyamara kafin 25 ta bayyana. Idan janareta ne yake ba ɗakin wuta kuma gudunsa yana hawa yana sauka, wannan dabarar ba lallai ta share layukan duka ba. Abin da ya riga ya shiga cikin ɗauka kuwa, babu saitin fitarwa da zai cire shi.

## Yadda za ka fitar

Mafi kyawun sakamako mataki biyu ne. Ka fitar da uwa, wato babban kwafi mai cikakken inganci, daga CapCut a 1080p, firem 30, bitret mai yawa. Ita za ka ajiye, ita kuma za ka ba ango a filashi ko ka tura masa waya da waya ba tare da data ba. Daga uwar nan kake cire ƙaramin kwafin WhatsApp, kuma duk sanda ake son wani kwafin, gare ta ake komawa. Kada ka taɓa matse abin da aka riga aka matse ƙanƙane, ko ka sauke bidiyo daga WhatsApp ka sake gyara shi ka tura. Kowane zagaye yana adana tabon na baya ya ƙara nasa.

In kana da kwamfuta, manhajar matse bidiyo ta HandBrake kyauta ce kuma ta isa. A shafin `Summary` ka zaɓi `MP4` ka sa alama a `Web Optimized`. A `Dimensions` ka mai da `Resolution Limit` zuwa `Custom`, ka rubuta 960 da 540. A `Video` ka zaɓi `H.264 (x264)`, `Framerate` ya zama 30 tare da `Constant Framerate`, ka danna `Avg Bitrate` ka rubuta 1200, ka kunna `Multi-pass Encoding`, ka ja `Encoder Preset` zuwa `Slow`. A `Audio` ka bar `AAC` a 96. `Multi-pass Encoding` ɗin nan zagaye biyu ne, kuma yana da muhimmanci ga bidiyo irin naka. A na farko manhajar tana kallon bidiyon daga farko har ƙarshe ta gane ina ne wuya ina ne sauƙi, a na biyu sai ta rage wa wurin jawabin uban ango ta ƙara wa filin rawa, jimillar ta tsaya a inda ka ce. Shi kuma `Constant Framerate` yana maganin matsalar da bidiyon waya yake da ita, ta firem da ba ya tsayawa a adadi ɗaya, wadda takan sa baki da murya su rabu can wajen ƙarshen bidiyo.

Mai amfani da ffmpeg, manhajar kwamfuta da ake ba umarni a rubuce, zai samu kusan haka da layi ɗaya:

```
ffmpeg -i uwa.mp4 -vf scale=-2:540 -c:v libx264 -preset slow -crf 24 -maxrate 1200k -bufsize 2400k -pix_fmt yuv420p -c:a aac -b:a 96k -movflags +faststart karami.mp4
```

Wannan ya sa rufi ne a 1200, don haka fayil ɗin zai tsaya wajen MB 29 ko ƙasa da haka in bidiyon mai sauƙi ne. Ga bidiyon tsaye sai a juya ya zama `scale=540:-2`.

In waya kaɗai gare ka, a allon fitarwa na CapCut ka sa `Frame rate` a 30, `Resolution` a 480p, ka sauke bitret, kana kallon ƙiyasin nauyin da yake nunawa. Wannan ƙiyasin shi ne ma'auninka: ka raba shi da yawan mintuna, in ya kusa MB 10 a minti ka isa. Sai dai ka sani na'urar matsi da take cikin waya don sauri aka gina ta, ba ta tsayawa ta yi dogon nazari kamar kwamfuta. A bitret ɗaya, abin da waya ta fitar bai kai na HandBrake tsafta ba. Shi ya sa a waya na ce 480p maimakon 540p, kuma in ka ga leshin yana narkewa ka yarda nauyin ya kai MB 12 ko 13 a minti.

Abu biyu za ka kiyaye a nan. Na farko, in an ba ka zaɓin salon matsi tsakanin `H.264` da `HEVC`, ɗauki `H.264`. Gaskiya ne `HEVC` ya fi iya matsi, amma ta `Document` wayar mai karɓa ce za ta buɗe fayil ɗin da kanta, kuma tsofaffin wayoyi masu araha sukan ba da sauti da baƙin allo, ko hoton ya riƙa maƙalewa. A gurup ɗin dangi ba ka san wace waya ce a hannun kowa ba. Na biyu, in wayarka tana ɗauka da `HDR`, saitin da yake faɗaɗa haske da launi, kashe shi kafin ranar biki. Bidiyon `HDR` da ya bi ta manhajar da ba ta juya launinsa daidai ba yakan fito fari fat kamar an wanke shi, jan lalle ya koma ruwan ƙasa. In ka ga launi ne ya mutu amma zane yana nan da kaifinsa, matsalar ba ta bitret ba ce, kada ka ɓata data wajen ƙara shi.

A wajen haɗawa ma ana iya rage wa na'ura wahala. Tacen da yake zuba yashi don hoto ya yi kama da tsohon fim, da ƙyalƙyalin da ake yayyafawa a kan hoto, da ƙara `Sharpen` da yawa, duk kishiyoyin leshin amarya ne a kan kaso ɗaya. Cire su daga kwafin WhatsApp. Rubutun sunayen ango da amarya kuma a yi shi da manyan haruffa masu kauri, don siririn rubutu mai lanƙwasa ba ya rayuwa a 480p.

Sauti kada a matse shi fiye da kima. Bambancin kbps 96 da 64 a minti 3 bai kai MB 1 ba, amma kiɗa a 64 yakan fara yin ƙara kamar ana kaɗa gwangwani a cikin ruwa. In magana ce zalla, kamar wa'azi ko sanarwa, 64 a `Mono` ta wadatar.

## In ta `Gallery` ko `Status` za ka bi

Wani lokaci ba makawa. `Status` ba ya karɓar `Document`, kuma akwai mutanen da ba sa buɗe abin da ba su ga hotonsa yana jiran a danna ba. A nan shawarar juyawa take. Tunda WhatsApp zai sake matsewa ko ka so ko ka ƙi, kada ka ba shi ɗan ƙaramin kwafin nan na 1200, matsi biyu ke nan a kan juna. Ba shi mai tsafta: 720p, firem 30, bitret wajen 3500 zuwa 4000. Zai kai MB 80 zuwa 90 a cikin wayarka, amma ba shi ne zai hau ba. Ba shi 1080p ko 4K kuma ba ya ƙara komai a wajen mai karɓa, sai dai wayar ta daɗe tana aiki ta yi zafi.

Kafin ka danna turawa, dubi saman allon inda ake datse bidiyo, akwai tsawo da nauyin abin da zai tafi. Danna `HD` ka ga yadda lambar ta canza, sai ka auna ta da MB 10 ɗin nan a minti. Ga bidiyon zaune, matakin da aka saba ya isa. Ga rawa da leshi, `HD` ne kaɗai zai ba su dama, kuma ko da shi ba za su kai abin da ka matse da kanka a kwamfuta ba a nauyi iri ɗaya. In kana son zaɓin ya zauna, yana cikin `Settings`, `Storage and data`, `Media upload quality`, amma wanda datarsa take a ƙididdige gara ya bar shi a ƙasa ya riƙa danna `HD` a inda ya cancanta.

Idan gurup uku za ka tura wa, ɗora sau ɗaya sannan ka yi `Forward` daga wannan saƙon. Komawa `Gallery` a zaɓo shi sabo kowane karo yana iya sa a sake matsewa a sake ɗorawa.

## Gwajin daƙiƙa 15

Kada ka gwada da bidiyon gaba ɗaya. Nemo wuri mafi wuya a cikinsa, inda ake liƙi fitilu suna juyawa, ka yanko daƙiƙa 15 ka fitar da saitin da ka zaɓa. A kbps 1296 bai kai MB biyu da rabi ba. Tura shi zuwa wata wayar daban, mai araha in da hali, ka kalla a can, domin abin da kake gani a taka wayar bayan turawa ba lallai ya zama shaida a kan abin da ya isa hannun wani ba.

Abin da ka gani zai gaya maka inda za ka taɓa. In hoto yana fashewa zuwa murabba'ai lokacin motsi amma ya dawo daidai da an tsaya, bitret ya yi wa girman hoton kaɗan: sauka mataki ɗaya a girma, ko ka ƙara kbps 300. In ko'ina a tsaftace yake amma da laushi, har wuraren da babu motsi, girman ne ya yi ƙasa, kana da sararin hawa mataki ɗaya a bitret ɗin da kake. In hoton yana kyau sai ya ɗan dushe, bayan 'yan daƙiƙu ya farfaɗo, ya sake dushewa, wato yana numfashi, rufin da ka sa ya matse da yawa, sai ka ɗaga `-maxrate` ko ka koma zagaye biyu na HandBrake. In kuma ka buɗe uwar ka tarar fuskar ango a dushe take tun a can, duhun ɗakin ne ya ci ta, gyaran kuma na biki mai zuwa ne: ƙaramar fitila a kan wayar, da tsayawa kusa da wanda ake ɗauka maimakon zuƙowa daga bayan ɗaki.